Daga dala zuwa naira: ka ninka, sannan ka raba ka gani

Kaya da yawa da muke saye a Kano da Kaduna da Sakkwato, da dala aka yanke farashinsu na asali. Wayar hannu, batirin sola, keken ɗinki na lantarki, kuɗin makarantar yaron da ke karatu a waje, kuɗin dakon kaya daga Chaina ko Dubai, duk za ka tarar an rubuta su da alamar $ a gaba. Mai saye kuwa naira ce a aljihunsa. Lissafi guda ne ke haɗa kuɗin biyu, kuma ɗan firamare ma ya san shi: ka ɗauki adadin dala, ka ninka shi da farashin dala ɗaya a naira. Duk da sauƙinsa, a wannan lissafin ne mutane ke tafka asarar dubban naira, domin lambobin suna da tsawo, sifili ya yi yawa, mai lissafin kuma sau da yawa a tsaye yake cikin hayaniyar kasuwa, ana jiransa ya tura kuɗi. Akwai hanyar bincika amsar da ba ta cin minti ɗaya, wato a raba ta a koma inda aka faro. Sai dai akwai irin kuskuren da take kamawa, akwai kuma wanda yake wuce ta ba ta gan shi ba, kuma ya kamata mai kuɗi ya san bambancinsu.

Mu ɗauki misalin wani tela da yake son sayen keken ɗinki na lantarki ta hannun wanda ke yi wa mutane odar kaya daga waje. An turo masa farashi, dala 245. Ya tambayi ɗan canji, an ce masa ana sayar da dala ɗaya a kan naira 1,530. Wannan farashin na misali ne kawai, domin dala ba ta zama wuri ɗaya. Wanda zai yi nasa lissafin sai ya nemi farashin ranar da yake ciki.

Abin da 1,530 ke nufi shi ne, kowace dala ɗaya sai tela ya ajiye naira 1,530 kafin a ba shi ita. Tunda guda 245 yake nema, zai ajiye wannan adadin har sau 245. Dalilin ninkawar ke nan, kuma wanda ya riƙe wannan dalilin ba zai rikice ba kan ko ninkawa ake yi ko rabawa. Dala ta fi naira nauyi nesa ba kusa ba, saboda haka idan ka tashi daga dala za ka nufi naira, dole adadin ya kumbura. In ka ga ya ƙanƙance, to ka danna alamar da ba ita ba.

Ko babu kalkuleta ana iya yin sa, in aka karya farashin gida biyu, 1,500 da 30. Dala 245 sau 1,500 ya ba da 367,500. Dala 245 sau 30 ya ba da 7,350. A haɗa su, a sami naira 374,850.

245 × 1,530 = 374,850

Kafin ma a kai ga wannan amsar, yana da kyau mutum ya yi kintace a ransa. Dala 245 ta kusa 250, farashin kuma ya kusa 1,500, kuma 250 sau 1,500 shi ne 375,000. Da zarar wannan ya zauna maka a kai, ka san unguwar da amsar take. In wayarka ta nuna maka dubu talatin da bakwai, ko miliyan uku da wani abu, ba ka buƙatar wani ya gaya maka akwai matsala.

To amma kintace babban kuskure kaɗai yake kamawa. Ƙaramin kuskure, irin na dubu goma ko sha biyar a cikin dubu ɗari uku da saba'in, yana iya sulalewa, kuma a nan ne rabawa take da amfani. Tambayar da ake yi a wannan karon ita ce: a cikin naira 374,850, sau nawa za a iya cire 1,530? Kowace cirewa dala ɗaya ce. In lissafin farko daidai ne, dole a cire sau 245 cif, ba saura ko kwabo.

Da hannu ga yadda yake tafiya. Dala 200 za ta ci naira 306,000, saura 68,850. Dala 40 za ta ci 61,200, saura 7,650. Dala 5 za ta ci 7,650, babu saura. Ɗari biyu da arba'in da biyar ke nan, an dawo gida.

374,850 ÷ 1,530 = 245

Wani zai ce, me ya sa ba za a sake ninkawar kawai ba? Dalilin shi ne yatsan da ya yi kuskure karo na farko yakan sake bin sawunsa. Idan idonka ya karanta 245 a matsayin 254, akwai yiwuwar ya sake karanta shi haka bayan daƙiƙa goma, sai ka sami amsa iri ɗaya sau biyu, hankalinka ya kwanta a kan kuskure. Rabawa kuwa tana fitar maka da wata lamba da za ka ɗora kusa da wadda ke kan takardar farashi, ka gwada su da ido. Kamar mai auna hatsi ne da ya gama zuba mudu arba'in a buhu, ya juye ya sake aunawa daga buhun zuwa tabarma: in mudun bai cika arba'in ba, ya san tun a zubin farko aka yi tsallake.

Abin da ya fi burge ni game da wannan binciken shi ne, amsar da ta fito ba daidai ba takan nuna maka irin kuskuren da ka yi. A ce tela ya danna 254 maimakon 245. Wayar za ta ba shi naira 388,620. Wannan adadin bai yi nisa da kintacen 375,000 ba, don haka yana iya wucewa ba a lura ba, alhali ya ɗara na gaskiya da naira 13,770. Da ya raba 388,620 da 1,530, sai 254 ta fito masa ƙiri-ƙiri. Ya dubi takarda ya ga 245. Lambobin su ne dai, wuri suka musanya, ya san yatsa ne ya riga ido.

A ce kuma sifilin ƙarshe na 1,530 ne bai dannu ba, wayar ta ninka da 153. Amsa za ta zama 37,485. Raba ta da 1,530, ka sami 24.5. Duk lokacin da rabawa ta dawo maka da lambobinka daidai amma ɗigo ya gusa, kamar 24.5 ko 2,450 a maimakon 245, to sifili ne ya faɗi ko ya ƙaru. Idan kuma abin da ya fito baƙuwar lamba ce mai jela, wadda ba ta yi kama da taka ba, ka fi zargin farashin canjin. Misali in an danna 1,350 a wurin 1,530, za a sami naira 330,750, kuma raba wannan da 1,530 zai ba da kusan 216.18. Babu wanda ya ce wa tela dala 216 da senti 18, don haka sai ya koma ya duba abin da ya ninka da shi.

Akwai sharaɗi guda kafin wannan ya yi aiki. Lokacin rabawa, ka goge allon kalkuleta, ka sake rubuta amsar, sannan ka sake karanto farashin canjin daga inda aka ba ka shi, ko saƙon waya ne ko takarda. Kada ka ɗauko shi daga ka. In ka ninka da 1,350 bisa kuskure, ka kuma raba da 1,350 ɗin, wayar za ta dawo maka da 245 lafiya lau, ka tafi kana ganin ka bincika, alhali lissafinka ya gaza da naira 44,100. Kalkuleta ba ta san farashin dala ba. Abin da ka ba ta shi take juyawa.

Senti ma wuri ne da ake yawan tuntuɓe. Dala ɗaya senti ɗari ce, kamar yadda naira ɗaya take kwabo ɗari, amma mu mun daɗe da daina lissafa kwabo a ciniki, shi ya sa ido yakan raina abin da ke bayan ɗigo. A farashin 1,530, senti ɗaya ya fi naira 15, senti hamsin kuma naira 765 ne. Dala 12.50 ita ce naira 19,125, dala 12.05 kuwa naira 18,436 da kwabo 50. Wanda ya ji an ce dala sha biyu da senti biyar ya danna 12.5 ya ƙara wa kansa kusan naira 700 a kan kowane guda, in kuma guda ɗari yake saye, ya kusa dubu saba'in. Haka kayan da ake sa wa farashi irin $19.99. Lissafinsa naira 30,584 da kwabo 70 ne. In ɗigon bai dannu ba, wayar za ta nuna 3,058,470. Wannan ko kintace ya isa ya kama shi, domin dala ashirin ba za ta kai miliyan uku ba.

Masu hulɗa da Kwatano ko Maraɗi ko Turkiyya su ƙara kula da wani abu. A ƙasashen da ke bin tsarin rubutun Faransa, waƙafi ne ke raba dala da senti, dubbai kuma a raba su da ɗan fili ko da ɗigo, haka ma Turkawa suke amfani da waƙafi a wurin da muke sa ɗigo. Takardar da aka rubuta 1.250,00 tana nufin dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin ne. Wanda ya danna ta a waya yadda ya gan ta zai iya ƙarewa da lissafin dala ɗaya da senti ashirin da biyar. Rabawa ba za ta cece shi ba, domin za ta dawo masa da 1.25 ɗin da ya sa, kuma da ya dubi takarda sai ya ga kamar sun yi daidai. Sanin kimar kayan ne kawai zai farkar da shi.

Ba kullum rabawa ke dawowa cif ba, kuma wannan ba abin tayar da hankali ba ne. Da yake ba a biyan kwabo, mai kaya zai cike 30,584.70 ya ce 30,585. Raba wannan da 1,530, ka sami 19.9902. Jelar da ta biyo baya kwabo talatin ɗin da aka cike ne. Abin dubawa shi ne girman jelar. In mai odar ya ce wa tela, "Malam, ka turo 375,000 kawai," rabawa za ta ba da kusan 245.10, wato an ƙara senti goma, naira 150. Wannan ba abin magana ba ne. In kuwa ya ce, "Ka cike shi 380,000," rabawa za ta ba da kusan 248.37. An ɗora dala uku da senti talatin da bakwai ke nan, naira 5,150. Mai yiwuwa ladansa ne, kuma yana da haƙƙin karɓar lada, amma ya kamata a kira shi da sunansa, tela ya san cewa lada ya biya. A ganina, cikon da ya haura dala ɗaya ya cancanci a tambayi dalilinsa, kuma tambayar ba rashin kunya ba ce.

Babban abin da rabawa ba ta iya gani shi ne ko farashin da ka ɗauka shi ne wanda ya shafe ka. Dala ba ta da farashi ɗaya ko a rana ɗaya. Duk wanda ya taɓa zuwa Wapa a Kano, ko Zone 4 a Abuja, ya ce, "Alhaji, nawa dala yau?" ya san amsar da ake fara ba shi: "Saye za ka yi ko sayarwa?" Ɗan canji yana da farashin da yake karɓar dala daga hannunka, yana da wanda yake sayar maka da ita, kuma tazarar da ke tsakani ita ce ribarsa. A ce yana saye a 1,515, yana sayarwa a 1,530. Tela mai neman dala, 1,530 ne nasa. Matar da ɗanta ya aiko mata da dala 245 daga waje ta zo canzawa, 1,515 ne nata, za ta karɓi naira 371,175. Bambancinsu naira 3,675 ne a kan adadin dala iri ɗaya. In matar ta ɗauki kuɗin da aka ba ta ta raba da 1,530, za ta ga kusan 242.60, ta ɗauka an cuce ta dala biyu da wani abu. Ba a cuce ta ba, farashin da ba nata ba ta raba da shi. Da wanda aka ninka da shi ake rabawa.

Tazarar takan fi haka girma idan ana maganar farashin hukuma da na kasuwar bayan fage. A farkon watan Yunin 2023, farashin hukuma yana wajen naira 460 ne, a hannun 'yan canji kuwa dala tana wajen naira 750. A tsakiyar watan ne Babban Bankin Najeriya ya haɗe kafofin canjinsa ya bar kasuwa ta riƙa yanke farashi, kuma a shekarar 2024 dala ta haura naira 1,500. Wanda ya lissafa dala 245 a farkon wancan Yunin da farashin hukuma zai sami naira 112,700. Wanda ya lissafa da na 'yan canji zai sami 183,750. Kowannensu in ya raba zai dawo kan 245, lissafin kowa daidai ne. Amma tela da ba shi da hanyar samun dala a banki, in ya tanadi 112,700 ya nufi kasuwa, zai tarar yana da giɓin sama da naira dubu saba'in. Haka abin yake ga wanda ya duba farashi a intanet, domin lambar da ake nunawa a can sau da yawa tsaka-tsaki ce tsakanin saye da sayarwa, ba lalle ne a sami mai sayar maka a kanta ba. Haka kuma farashin makon jiya, ko na safe in yamma ta yi a ranar da kasuwa ke rawa.

Kunne ma yana da nasa. A waya, cikin surutun kasuwa, talatin da tamanin suna iya shigewa juna. In an ce 1,580 ka ji 1,530, a kan dala 245 ka yi ƙasa da naira 12,250, kuma duk rabawar duniya ba za ta nuna maka ba. Maganinsa a ce wa mutum, "Don Allah Alhaji, turo min a rubuce." Saƙon yana zama shaida in an zo ana musu daga baya.

Akwai rabawa ta biyu, kuma ni a wurina ta fi ta farko daraja ga mai fitar da kuɗi. Ta farko tana raba naira da farashin canji don a dawo kan dala. Ta biyu tana raba nairar da aka biya da adadin dala, sai farashin canjin da aka yi maka aiki da shi ya fito fili. A ce tela bai bi ta hannun ɗan canji ba, da katin banki ya biya, ko kuma mai odar ya ce masa kawai, "Kuɗinka 389,550 ne," bai faɗi farashin dala ba. Tela ya raba:

389,550 ÷ 245 = 1,590

Yanzu ya san kowace dala ta tsaya masa a kan naira 1,590, wato ƙarin naira 60 a kan 1,530 da ya ji a kasuwa, jimilla naira 14,700. Wannan ƙarin yana iya zama farashin da bankin ko mai odar ke aiki da shi, yana iya zama caji da aka cusa a ciki, yana iya zama duka biyun. Rabawar ba za ta faɗi wanne ba ne, amma ta ba shi lamba guda da zai riƙe ya yi tambaya da ita. Da ita kuma zai iya gwada mutum biyu da suka ba shi farashi ta siga daban. Ɗaya ya ce dala 1,530 ce amma akwai cajin tura kuɗi naira 12,000. Ɗaya ya ce 1,570 ce, babu wani caji. A kunne na farko ya fi araha. A lissafi, na farko zai karɓi 374,850 da 12,000, wato 386,850, wanda in aka raba da 245 ya kusa 1,579 a kan kowace dala. Na biyu zai karɓi 384,650. Na biyun ya fi sauƙi da naira 2,200. Da dala 1,000 ake magana, cajin 12,000 ɗin zai bazu ya zama naira 12 kacal a kan kowace dala, na farko ya koma 1,542, shi ne kuma zai fi araha. Saboda haka amsar tana canzawa da yawan kuɗin, sai an raba a kowane ciniki.

Wannan rabawar ta biyu tana da nata tarkon. Dole dalar da za ka raba da ita ta zama duk dalar da aka biya. In keken dala 245 ne, dakonsa kuma dala 38, jimilla 283 ke nan, kuma a 1,530 kuɗin zai zama naira 432,990. Tela da ya manta da dakon ya raba 432,990 da 245 zai ga kusan 1,767, ransa ya ɓaci, ya kira mutum ɓarawo a kan abin da bai yi ba. Shi ya sa ya fi kyau a tattara duk abin da aka rubuta da dala wuri ɗaya, kuɗin kaya da dako da duk wani caji na can, a haɗa su tun suna dala, a ninka sau ɗaya. Abin da ake biya da naira a nan gida, kamar kuɗin kwastan da na motar da za ta kawo kayan shago, a ajiye shi gefe, a ƙara bayan an gama ninkawa, kuma a cire shi kafin a yi rabawar bincike.

Ɗan kasuwar da ke irin wannan cinikin a kai a kai zai amfana in ya ware shafi a littafinsa, ya riƙa rubuta abu huɗu a kan kowane saye: kwanan wata, adadin dala, farashin canjin da aka yi da shi, da nairar da ta fita daga asusunsa. Uku na ƙarshen suna tsare juna, domin in ka san biyu za ka iya fitar da na ukun. Kwanan watan kuma shi zai tuna masa, ranar da ya zo sa wa kaya farashin sayarwa, cewa keken da ya shigo da shi a kan 1,530 ba lalle ne ya sake samun irinsa a wannan farashin ba, don haka sai ya sake ninka dala 283 ɗin da farashin ranar kafin ya faɗa wa mai saye kuɗinsa.